Yadda ake bambance gatse da zolaya daga cin mutunci a hirar rubutu

Idan mutum ya ce maka "ka kyauta" kuna tsaye ido da ido, ba ka bukatar wanda zai fassara maka manufarsa, domin muryarsa da fuskarsa sun riga sun gaya maka ko godiya yake yi, ko tsokana, ko kuwa takaici ne ya ishe shi. Shi ya sa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma idan waɗannan kalmomi biyu suka shigo wayarka a rubuce, babu fuskar da za ka tambaya, kuma abin da yakan faru shi ne mai karatu ya ɗora wa saƙon muryar da ta dace da halin da shi kansa yake ciki. Wanda ya gaji ko yake jin ya yi laifi zai ji saƙon da kaushi, wanda yake cikin nishaɗi kuwa zai ji shi da dariya, alhali rubutun ɗaya ne.

An gwada wannan matsala a bincike. A shekarar 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley tare da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka sa ɗalibai su aika wa juna jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, wasu ta imel wasu kuma da murya. Masu aikawa ta imel sun yi tsammanin za a gane manufarsu kusan kashi 78 cikin ɗari, amma abin da aka gane bai wuce kashi 56 ba, wato ya ɗara cankar da ake yi da ka da kaɗan ne kawai, tunda zaɓin biyu ne. Waɗanda suka ji jimlolin da murya sun fi su dacewa nesa ba kusa ba. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne mai rubutu yana jin muryar kansa a zuci lokacin da yake bugawa, sai ya manta cewa muryar ba ta bi saƙon ba. Masu karatun ma sun cika yarda da fahimtarsu fiye da yadda ta cancanta, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafar mu a nan: tabbacin da kake ji cewa an zage ka ba hujja ba ce a kan cewa an zage ka.

Misalin da za mu bi

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Kana cikin zauren WhatsApp na mutum shida da kuke haɗa wani rahoto tare. An yi da kai za ka turo naka ɓangaren ranar Litinin, ba ka turo ba sai daren Laraba. Minti biyu bayan ka tura, wani abokin aikinka, wanda matsayinku ɗaya, ya ɗauko saƙonka ya amsa a ƙarƙashinsa: "Ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Gaskiya ba mu da kamarka wajen cika alkawari." Bai sa alamar dariya ba, kuma babu wanda ya ce uffan bayansa. Zuciyarka ta fara tafasa, yatsunka kuma sun riga sun hau kan allo.

Mataki na farko: raba tambayar gida biyu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kai, "Wasa yake yi ko zagina yake yi?" kamar dai dole ne amsar ta zama ɗaya daga ciki. A gaskiya tambayoyi biyu ne daban. Ta farko ita ce ko abin da ya rubuta shi yake nufi kai tsaye, ko kuwa akasinsa. Ta biyu ita ce ko yana so ya ɓata maka rai ne ko a'a. Gatse hanya ce ta magana kawai, kuma yana iya ɗaukar raha kamar yadda yake iya ɗaukar dafi. Haka nan kalma mai kama da zagi tana iya fitowa daga ƙauna, domin aminai da yawa suna kiran juna "ɗan iska" ko "sakarai" suna dariya, yayin da jimla mai cike da ladabi take iya zama cin fuska tsantsa.

Tambaya ta farko ita ce mai sauƙi, kuma ana warware ta da kwatanta maganar da abin da ya faru. A misalinmu an yabe ka da cika alkawari a daidai lokacin da ka saɓa shi da kwana biyu, saboda haka babu shakka gatse ne. Ga kuma wata alama, wato zuzutawa: "ba mu da kamarka" ya wuce kima, kuma gatse yana son wuce kima. Kada ka ɓata lokaci a nan. Duk aikin yana kan tambaya ta biyu, kuma kalmomin saƙon su kaɗai ba za su amsa maka ita ba.

Mataki na biyu: koma baya ka karanta abin da ya gabata

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ja hirar sama ka karanta saƙonni goma ko ashirin da suka zo kafin wannan, musamman idan ba ka nan lokacin da aka yi su. Abin da kake nema shi ne yanayin da zauren yake ciki. Idan ka tarar tun da yamma ana ta tsokanar juna, an zolayi wanda ya turo fayil ɗin da ya ƙi buɗewa, an zolayi wadda ta manta lokacin taro, to saƙon da aka yi maka ci gaban rahar ce, kuma juyi ne ya zo kanka. Idan kuwa ka tarar shi wannan mutumin ya tambayi ɓangarenka ranar Litinin, ya sake tambaya ranar Talata, sannan ya rubuta cewa shugabanku ya kira shi a kan jinkirin, to gatsen nasa ya fito ne daga takaici na gaske. Wannan bai mai da shi cin mutunci ba tukuna, amma ya nuna cewa amsa shi da dariya zalla za ta ƙara hura wutar.

Duba lokacin ma. Amsar da ta zo cikin minti biyu galibi ta mutumin da yake riƙe da waya ce, ya ga dama ta samu ya jefa magana. Wadda ta zo bayan awa uku, a tsare, da dogayen jimloli, ta fi kama da abin da aka zauna aka shirya.

Mataki na uku: kwatanta shi da kansa

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin alamomin rubutu ba su da ma'ana ɗaya ga kowa. Abin da yake da ma'ana shi ne sauyin da mutum ya yi daga yadda ya saba rubutu. Buɗe tsofaffin hirarrakinku ka duba abubuwa uku.

Na farko shi ne sunan da yake kiranka da shi. Idan kullum "mutumina" yake ce maka, yau kuma ya koma "ranka ya daɗe", to sauyin da gangan ne, amma yana iya nufin abu biyu masu karo da juna. Akwai girmamawar wasa, irin wadda ake kambama aboki da ita don a yi dariya, kuma alamarta ita ce ya taɓa yi maka ita a baya cikin raha, ko yana yi wa wasu. Akwai kuma girmamawar ja da baya, inda mutum ya daina kiranka da sunan kusanci ya koma "Malam" ko cikakken sunanka don ya nuna maka cewa ransa a ɓace yake. Ta farko takan zo da ƙari, kamar "Yallaɓai da kansa ya iso!", ta biyu kuwa takan zo a bushe, a taƙaice.

Na biyu shi ne alamomin dariya. Tun farkon zamanin saƙon kwamfuta aka gane bukatarsu. A watan Satumba na 1982, a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, wani ya rubuta sanarwar wasa cewa zaiba ta zube a cikin lif ɗin wani gini na jami'ar, sai wasu suka ɗauka da gaske ne. Wannan ruɗani ne ya sa Scott Fahlman, wani masanin kwamfuta a jami'ar, ya ba da shawara ranar 19 ga watan cewa a riƙa sa :-) a kan maganar wasa, a sa :-( a kan wadda ba wasa ba. A yau muna da 😂 da 😉 da 😜, wasu kuma suna sa /s a ƙarshen jimla don su nuna gatse ne. Sai dai rashin alama ba ya nufin komai sai a wurin wanda ya saba sa ta. Idan abokin aikinka yana jera fuskokin dariya uku a kan kowace tsokana, yau kuma babu ko ɗaya, wannan abin lura ne. Idan kuwa bai taɓa amfani da su ba, rashinsu a yau bai gaya maka komai ba. Kasancewar alamar ma ba wanki ba ce, domin akwai masu gasa wa mutum magana sannan su liƙa 😂 a ƙarshe don su sami mafaka idan aka tuhume su. Ga kuma bambancin shekaru da na ƙasashe: matasa da yawa suna sa 💀 don su ce dariya ta kusa kashe su, wanda bai san haka ba yana iya ɗauka mugun fata ake yi masa, kuma murmushin 🙂 da wani yake turawa da zuciya ɗaya, a wurin matasan ƙasar Sin ya yi suna a matsayin alamar raini ko gajiya da mutum.

Na uku shi ne tsarin rubutun kansa. Wani bincike da Celia Klin da abokan aikinta na Jami'ar Binghamton suka wallafa a 2016 ya nuna cewa ɗalibai suna ganin gajeriyar amsar tes da aka rufe da aya ba ta kai wadda babu aya nuna gaskiyar zuci ba, alhali a rubutun hannu ba su ga wannan bambanci ba. Saboda haka "To." da "To" da "Tooo" ba ɗaya ba ne a idon mai karatu. Amma mutumin da ya saba rubuta kowane saƙo kamar wasiƙar ofis, da aya da waƙafi a mazauninsu, ba fushi yake yi ba idan ya rufe "Na gani." da aya. Jan harafi, kamar "sannuuu", da maimaita alamar motsin rai sun fi karkata ga wasa, domin ƙoƙari ne na mayar da muryar da rubutu ya cire.

A misalinmu, a ce ka duba ka tarar mutumin yakan ce maka "ranka ya daɗe" duk lokacin da yake tsokanarka, amma kuma yakan haɗa da dariya, yau kuwa babu. Hujjojin sun rabu biyu ke nan, kuma haka abin yake a yawancin lokuta.

Mataki na huɗu: duba abin da maganar ta nufa, da kuma gaban wa aka yi ta

Zolaya ta gaskiya tana taɓa abin da ka aikata ne, abin da kai ma za ka iya yi wa dariya, kuma wanda zai wuce gobe. Cin mutunci yana taɓa abin da kake: hankalinka, siffar jikinka, iyayenka, asalinka, imaninka, rashin lafiyarka, ko wani sirri da ka taɓa gaya wa mutumin cikin amana. Kwatanta waɗannan jimloli biyu. "Agogonka dai na wata duniyar ne" magana ce a kan lattin da ka yi. "Ai daman mun san irinku ba a ba ku amanar aiki" magana ce a kanka da waɗanda aka haɗa ka da su, kuma ko an jera mata fuskokin dariya goma ba za ta koma wasa ba. Kalmomi irin su "daman", "kullum" da "irinku" suna da muhimmanci, domin suna ɗauke maganar daga kan kuskure guda su mai da ita hukunci a kan halinka gaba ɗaya.

Sai kuma batun waɗanda suke kallo. Maganar da za ta wuce lami lafiya tsakaninku biyu tana iya zama tozarci a zauren da shugabanku yake ciki, ko wanda yake cike da mutanen da ba su san ku ba. Tambayi kanka ko zai iya faɗa maka haka a keɓe, kuma ko akwai abin da zai samu idan darajarka ta ragu a idon waɗannan mutane. Ka lura kuma da ko wasan yana tafiya ta ɓangarori biyu. Idan kai ma kana zolayarsa yana dariya, kuna kan ƙa'ida ɗaya. Idan shi kaɗai ne yake jifa, ranar da aka rama kuma ya kumbura, ko kuwa yana sama da kai ta yadda ba za ka iya ramawa ba, to abin ya fi kusa da danniya ko da shi yana kiransa wasa.

Saƙon misalinmu ya tsaya a kan jinkirin rahoto, abin da ya faru da gaske, a zauren da kowa ya san an yi jinkirin. Bai taɓa asali ba, bai tona asiri ba. Jimlar "ba mu da kamarka wajen cika alkawari" ta ɗan leƙa wajen hali, amma ba ta shiga ba. Shirun sauran mutanen kuwa kada ka gina komai a kansa, tunda da dare ne kuma wataƙila ba su ma gani ba. Da a ce an ga sun karanta, zauren da yake ta surutu ya yi tsit, ko wani ya yi saurin sauya zance, da sai a ce su ma sun ji kaifin maganar.

Mataki na biyar: aika amsar gwaji

Duk matakan baya kintace ne. Abin da yake ba da tabbaci shi ne yadda mutumin zai yi idan ka ba shi amsar da ba ta tsokane shi ba kuma ba ta durƙusa masa ba. Amsar gwaji mai kyau gajeriya ce, tana amsa gaskiyar da ke cikin maganar, kuma tana barin ƙofa a buɗe. A misalinmu za ka iya rubuta: "Na karɓi laifina, na jinkirta ku. Ka duba, idan akwai gyara zan yi shi a daren nan." Wannan amsa tana aiki ko wasa yake yi ko haushi yake ji, kuma ba ta zarge shi da komai ba.

Yanzu sai ka duba abin da zai biyo baya. Mai wasa yakan sassauta nan take, ya ce "Haba mutumina, tsokanarka nake yi", ko ya turo dariyar da ya manta da ita. Mai takaici na gaske yakan bar gatsen ya koma magana kai tsaye, ya ce "Ba komai, amma gaskiya ka sa an yi mini faɗa", kuma wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara, ba zagi ba. Mai neman cin mutunci shi ne wanda ba ya karɓar sassaucin: zai ƙara wata a kai, ya ce "A'a, ai manya ba sa laifi", ko ya jawo wani tsohon kuskurenka, ko ya kira sunan wasu su zo su taya shi. Ka ba shi hanyar sauka ya ƙi bi, kuma wannan ƙin ya fi duk wata alamar rubutu nuna manufarsa.

Idan amsarsa ma ta zo a dunƙule, tambaye shi a keɓe, ba a cikin zaure ba, domin mutumin da aka tuhuma a gaban jama'a kare kansa zai yi ko da ya san bai kyauta ba. Yadda aka gina tambayar yana da tasiri. "Me kake nufi da wannan maganar?" a rubuce tana kama da shirin faɗa. Gara ka ce: "Ɗan'uwa, saƙonka na ɗazu ban gane ba ko wasa ne ko ranka ya ɓaci. Idan akwai matsala ina so mu gyara." Idan kun yi musayar saƙo biyu ko uku abin yana ƙara cakuɗewa, daina rubutu ka kira shi ko ka tura saƙon murya, tunda muryar ce daman ta ɓace.

Inda hanyar take gazawa

Akwai yanayi biyu da waɗannan matakai ba sa wadatarwa. Na farko shi ne baƙon da ba ka da tarihin hira da shi, domin mataki na uku ya faɗi gaba ɗaya. A nan abin da ya rage maka shi ne abin da maganar ta nufa da kuma amsar gwaji, kuma ya kamata ka tuna cewa wanda bai san ka ba ba shi da hurumin yi maka irin wasan da aminai suke yi, ko da niyyarsa ba mugunta ba ce. Idan kuma harshen da kuke hira da shi ba nasa ba ne, ko ba naka ba, ka ƙara masa uzuri, saboda gajarta da kaushin da kake gani sau da yawa ƙarancin kalmomi ne ya jawo su.

Na biyu shi ne habaici, inda ba a ambaci sunanka ba. Wani ya rubuta a zaure cewa "wasu dai sai an gama wahala suke bayyana", kai kuma ka ji kamar da kai ake. Habaici an gina shi ne don mai shi ya iya musantawa, saboda haka idan ka yi tsalle ka amsa, kai ka ɗora wa kanka, shi kuma zai ce bai kira suna ba. Saƙo guda irin wannan ba ya isa a yanke hukunci. Abin da za ka duba shi ne maimaituwa: ko irin wannan maganar tana fitowa ne duk lokacin da ka yi magana, kuma daga mutum ɗaya.

Maimaituwar ce ma take warware batun wanda kullum yake fakewa da "wasa nake yi". A karo na farko ka ɗauka wasan ne, ka gaya masa a keɓe kuma a fili cewa wannan batu ba ka son a riƙa yi maka wasa da shi. Daga wannan lokaci ba ka da sauran bukatar auna aya da fuskokin dariya, domin ya riga ya sani. Idan ya daina, da ma wasa ne da ya wuce gona da iri. Idan ya sake komawa kan batun bayan ka faɗa masa, to ka ɗauki hoton saƙonnin tare da kwanan wata da abin da ya gabace su, don kada a ce ka yanko magana daga tsakiya, sannan ka kai wa mai kula da zauren, ko wanda yake da alhakin sasanta ma'aikata idan a wurin aiki ne. Idan babu wata alaƙa da ta tilasta muku hira, ka toshe lambarsa.